Fara'a ce kawai, ko tana sona?

Assalamu alaikum Anti. Ni saurayi ne ɗan shekara 29, ina gyaran waya a kusa da Babbar Kasuwar Gombe. Akwai wata yarinya da ke aiki a wani kemis a Jekadafari, inda nake sayen maganin hawan jinin Mamana duk wata. Tun zuwana na farko take min fara'a, tana tambayar jikin Mama, har ta haddace maganin ba sai na faɗa ba. Ita ta ba ni lambarta don in riƙa tambaya ko maganin ya zo. Wata 4 ke nan muna gaisawa a WhatsApp. Wani lokaci ta amsa nan take, wani lokaci sai washegari. Tana kallon sitatus ɗina, tana turo min gaisuwar Juma'a, Yaya take ce min. Na tura mata data sau 2, ta yi godiya. Sau ɗaya da na yi lattin zuwa, ita ta fara turo saƙo ta ce ko lafiya, ya Mama. Amma mako 2 ke nan ta canza: duk sanda na shiga sai ta sunkuyar da kai, ta bar abokiyar aikinta ta sallame ni. Abokaina sun ce ta faɗa, kunya ce. Ni kuma ina tsoron in yi magana in kunyata, ina tsoron in yi shiru wani ya riga ni. Aure nake nufi. Anti, sona take ko kirkinta ne kawai?

Ɗanki daga Bolari

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita.

Gaskiyar da zan fara faɗa maka ita ce, a cikin duk abin da ka lissafa, biyu ne kawai suka isa a tsaya a kansu. Sauran duk abubuwa ne da yarinya mai tarbiyya za ta yi wa kowane mai sayen magani, ko da dattijo ne sa'an kakanta. Na san ba haka kake son ji ba. Amma gara ka ji daga bakina da ka je ka gina fata a kan abin da ba zai ɗauke ta ba.

Ka fara duba inda kuka haɗu. Ita a bakin aikinta take, fara'a kuwa tana cikin abin da ake biyanta albashi a kai. Mai kemis ba zai riƙe yarinyar da ke ɗaure wa masu saye fuska ba, musamman a Jekadafari inda mutum zai taka kaɗan ya sami wani shagon. Wanda kuma ke sayen maganin hawan jini ba mai saye na rana ɗaya ba ne, kowane wata zai dawo, shekara da shekaru. Irinku ake haddace wa magani, irinku ake bai wa lamba don kada ku je ku tarar babu ku koma wani wuri. Bayan aikin ma akwai tarbiyyar gida. An koya mana shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, an koya mana a tambayi mai jinya ya mai jiki, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Yarinyar da ta tashi a kan haka ba ta jiran sai ta kamu da son mutum kafin ta sakar masa fuska.

Don haka ba yawan kirkin da take maka ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne bambanci. Me take maka wanda ba ta yi wa sauran? Ka taɓa tsayawa ka ga yadda take sallamar wanda ke gabanka a layi? Yawancin samari ba sa yi, don idonsu yana kanta ne kawai lokacin da ta juyo gare su. In dattijuwar da ta zo sayen maganin ciwon suga ta sami murmushin da kake samu, an tambaye ta ya gida ya jikoki, an miƙo mata maganinta tun kafin ta buɗe baki, to ka gane cewa halinta ka gani. Hali ne mai kyau, kuma dalili ne babba na son aurenta. Sai dai bai gaya maka komai game da matsayinka a zuciyarta ba.

Yanzu mu zo kan waya, wadda sana'arka ce, ka fi ni saninta. Ka san sitatus in mutum ya buɗe na wani ya ƙare, da kansa yake wucewa kan na gaba. Sunanta zai fito a jerin waɗanda suka kalla ko da tana cin abinci ne wayar na gefe. Gaisuwar Juma'a kuma, ka duba samanta. In an rubuta Forwarded, turo ta aka yi daga wani wuri. In ma babu, ka tuna akwai New broadcast, inda mutum zai zuba lambobi har 256 ya tura musu saƙo ɗaya, kowa ya gan shi tamkar shi kaɗai aka rubuta wa. Gaisuwar da za ka ɗauka taka ce ita ce wadda ke da sunanka a ciki, ko wani zance da ku biyu kaɗai kuka sani. Saurin amsa da jinkirinta ma kada ka yi ta lissafinsu. Yarinyar da ke tsaye a bayan kanta daga safe zuwa dare, ta koma gida ta tarar da girki da ƙanne, ga rashin wuta ga ƙarewar data, lokacin amsarta yana bin halin da take ciki ne.

Data kuwa, don Allah ka daina turawa tukuna. Karɓar kyauta da godiya ba amsa ba ce. A wajenmu mayar wa mutum kyautarsa cin fuska ne, ita kuma data ta riga ta shiga. Abin da kyautar ke jawowa kawai shi ne ta ɗora wa yarinya nauyi, ta ga dole ta riƙa amsa maka ko ba ta so, kai kuma ka ɗauki wannan amsar a matsayin so. Ka ga da kuɗinka ka sayi ruɗani. Kyauta tana da gurbinta bayan an ba ka izinin zance.

Yaya da take ce maka ba ya yanke hukunci ko ta wane ɓangare. Ka girme ta, kunya ba za ta bar ta ta kira sunanka gatsau ba, kuma mata nawa ne ke kiran mazajensu Yaya har a ɗakin aure. Inda za ka kasa kunne shi ne in ta fara ƙarfafa shi da gangan, irin su "ai kai yayana ne", "na ɗauke ka tamkar wanda muke ciki ɗaya", musamman daidai lokacin da ka karkato da hira wajen yabonta. Wannan katanga ce ake gina maka cikin ladabi.

Ga wani aiki da nake so ka yi yau da daddare, kai kaɗai ba tare da abokai ba. Ka buɗe hirarku, ka koma wata guda baya, ka bi ta a hankali kana duba abu uku: wa ke fara magana, wa ke yin tambaya, wa ke rufe hira. Na biyun ya fi muhimmanci. Mai kirki tana amsa abin da aka tambaye ta ne ta tsaya. Ka ce "ya aiki", ta ce "Alhamdulillah". Ka ce "kin tashi?", ta ce "eh, yanzu". Ka ce "Allah Ya huta gajiya", ta ce "amin, na gode". Babu rashin mutunci ko kaɗan a ciki, amma in ka lura duk igiyar hirar a hannunka take, ranar da ka sake ta ta faɗi. Wadda zuciyarta ta fara karkata ba ta iya barin hira ta mutu haka. Ka ce "ya aiki", ta ce "Alhamdulillah, yau mun sha mutane, ko abinci ban samu na ci ba sai la'asar. Kai fa, an gama rigimar mai wayar nan da ka ce?" Ka ga ta ba ka wani abu daga rayuwarta ba ka roƙa ba, ta tuna zancen da ka yi kwana uku da suka wuce, ta kuma miƙo maka igiyar don ka ci gaba. Sannan ka duba tambayoyinta a kan wa suke. In duka a kan Mama da magani ne, har yanzu kana matsayin ɗan mai jinya. In sun fara shiga kanka, ku nawa ne a gidanku, kai ne babba, a ina ka yi karatu, me ya sa har yanzu ba ka ajiye iyali ba, to wannan bincike ne, kuma mace ba ta binciken mutumin da ba ta sa shi a lissafi ba.

Sai abu na farko cikin biyun da na ce sun isa a tsaya a kansu, wato saƙon da ta fara turowa ranar da ka yi latti. Yana da nauyi, don ta lura ba ka zo ba, kuma ta cire kunya ta fara magana, abin da yarinyar Gombe ba ta yinsa da sauƙi. Amma ka sake karanta shi da idon basira. Wadda ta san aikinta ta san mai hawan jini bai kamata ya tsallake magani ba, in kwanan sayensa ya wuce ba a zo ba dole hankalinta ya je kan ko jiki ya tashi. Sau ɗaya ne kuma. Da a ce ta sake yi a tsakiyar wata, lokacin da babu zancen magani, da na ce maka ruwa ba ya tsami banza. A yadda yake, ka ajiye shi a matsayin alama mai kyau guda ɗaya da ke jiran 'yar'uwarta.

Na biyun shi ne canjin da ta yi, kuma nan ne nake so mu daɗe, don nan abokanka suka yi gaggawa. Abin da suka faɗa yana iya zama gaskiya. A ƙasar nan tamu, inda kunyar Fulani ta ratsa har gidajen da ba na Fulani ba, so yakan zo da nauyin baki. Yarinyar da jiya take hira da kai ba ruwanta, ranar da ta gane zuciyarta ta motsa, ko ranar da abokiyar aikinta ta fara tsokanarta da sunanka, sai ta kasa haɗa ido da kai. Wannan sananne ne. Matsalar ita ce, wadda ta gane kana sonta alhali ita ba ta so, ko tana da wanda ya riga ka, ko mai shago ya yi mata faɗa a kanka, ita ma haka za ta yi daidai: ta sunkuyar da kai, ta tura wata ta sallame ka. Daga bakin kantar shagon ba za ka iya raba su da kallo ɗaya ba.

Akwai kuma abin da na tsinta a wasiƙarka da kai ba ka lura ba. Magani sau ɗaya kake saye a wata, amma ka ce a cikin mako biyu "duk sanda na shiga". Ke nan ka fara zuwa ba don maganin Mama ba. Yau farasitamol, gobe man zafi. Ɗana, duk wanda ke shagon ya gane, har da mai shagon. Yarinya a wajen aikinta ba ta da inda za ta gudu, ba ta da ikon ce wa mai saye ya rage zuwa, kuma in magana ta tashi sunanta ne zai ɓaci, ba naka ba. Ko tana sonka, wannan zirga-zirgar za ta takura ta. Ka tsayar da ita daga yau.

To ta yaya ake raba kunya da janyewa? Ka haɗa abin da ke faruwa a shago da abin da ke faruwa a waya. Mai jin kunya a gaban mutane take noƙewa, amma inda babu idon kowa tana nan yadda take, har takan ƙara sakewa. Za ka bar shagon ba ta ce maka uffan ba, da daddare ka yi sallama ta amsa da tsawo, wataƙila ma ta ce "ɗazu mutane sun yi yawa, ban samu mun gaisa ba". Tana gyara abin da ya faru ke nan, don ba ta so ka tafi da fahimtar cewa ta share ka. Mai janyewa kuwa ko'ina take ja da baya a lokaci guda. Amsa ta koma kalma ɗaya, tambaya ta ɗauke, sai sitika ko alamar babban yatsa a inda dā take rubutu, kuma ba ta taɓa kawo uzurin abin da ya faru a shago. A shagon ma akwai bambanci in ka nutsu. Mai kunya ba ta barin wajen, tana nan tana gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara, kunnenta yana kanka, abokiyar aikinta tana danne dariya. Mai janyewa takan shige ciki ne ta zauna har sai ka fita, fuskar abokiyar aikin kuma babu wasa a cikinta, don an riga an gaya mata "in ya zo ki sallame shi". Fuskar wannan abokiyar aikin takan faɗi abin da ita yarinyar ta ɓoye.

Wasu za su ba ka shawarar ka ɗauke wuta na mako guda ka ga ko za ta neme ka. Ba na hana ka rage saƙo, don dama ya kamata ka ba ta sarari. Amma kada ka mai da shi jarrabawa. Akwai 'yan mata da yawa da aka tarbiyyantar a kan cewa mace ba ta fara neman namiji, ko zuciyarta za ta fashe ba za ta turo ba. In ka yanke hukunci da shirunta, kana iya zubar da wadda ke jiranka. Abin da ɗan shirun zai nuna maka kawai shi ne yadda za ta karɓe ka in ka dawo. "Kwana biyu, ina ka shiga?" daban yake da "wa alaikumus salam" kaɗai.

Duk wannan karatun alamu yana da iyaka. Mafi yawan abin da zai ba ka shi ne ka san ko ƙofa a buɗe take ko a saye, ba zai ba ka tabbas ba. Wata huɗu kuma ya isa. Tunda aure kake nufi, ba ka cikin wanda zai zauna yana fassara sitika. Al'adarmu ta riga ta yi mana hanyar da ke raba gardama, wato neman izinin zuwa gida. Hira a waya ba ta cin mace komai, tana iya yi da kowa don ladabi. Amma ta ce maka ka zo ƙofar gidansu, inda mahaifinta da yayyenta da maƙwabta za su gan ka, wannan ba ta yinsa don kara. Shi ya sa tambayar da za ka yi ba "kina sona?" ba ce. Wannan tambayar tana da nauyi a bakin budurwa, ko tana so ba za ta iya cewa eh ba, ko ba ta so ba za ta iya cewa a'a ba. Tambayi abin da za ta iya amsawa.

Kada ka yi a shago, kada ka yi ta hanyar abokiyar aikinta, kada kuma ka yi habaici a sitatus kana jiran ta gane. Ka yi istihara tukuna, raka'a biyu da addu'ar da ta zo a hadisin Jabir cikin Bukhari, ba sai ka jira mafarki ba. Sannan ka zaɓi lokacin da ka san ta tashi daga aiki, ka rubuta mata saƙo ɗaya gajere, da bakinka, ba wanda aka kwafo ba. Misali: "Assalamu alaikum. Akwai maganar da nake so in yi miki, ina fata ba za ta ɓata miki rai ba. Na yaba da hankalinki da tarbiyyarki, kuma da niyyar aure nake magana. In babu maganar wani a kanki, kuma kin ba ni izini, ina so in zo gida mu gaisa. In kuma akwai, ko ba ki da ra'ayi, ki faɗa min kai tsaye, wallahi ba zan riƙe ki da komai ba, mutuncin da ke tsakaninmu yana nan." Jimlar ƙarshen nan kada ka cire ta. 'Yan mata da yawa suna jan samari da amsa mai harshen damo ne saboda tsoro, sun ga yadda wasu ke komawa zagi da yaɗa magana in an ƙi su. In ka buɗe mata ƙofar fita, ka fi samun gaskiya. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ka tura ƙanwarka ko wata gwaggonka mai sirri ta same ta a wajen shago. Aike a irin wannan ba abin kunya ba ne, Nana Khadija ma ƙawarta Nafisa ta tura wajen Manzon Allah (SAW). Abokan nan naka dai kada ka tura ko ɗaya.

Bayan ka tura, ka ajiye wayar. Ba kira, ba "kin ga saƙona?". Ka ba ta kamar mako guda, don in da gaske ta ɗauki maganar sai ta shawarci yayarta ko mahaifiyarta.

Amsar da za ta zo da wuya ta kasance eh ko a'a ƙarara, saboda haka ka san abin da za ka nema a cikinta: shin ta zo da hanya? In ta ce "sai dai ka fara ganin Yayana", ko "bari in gaya wa Mama", ko "ranar Lahadi nake gida", ko ta kwatanta maka unguwa da layi, wannan amincewa ce, ko da babu kalmar so ko ɗaya a ciki. Ta ba ka mataki na gaba. In ta ce "zan yi tunani", ka karɓa da hannu biyu, ka bar ta mako biyu, ka sake tambaya sau ɗaya tak. In har ila yau tunanin ake yi, babu rana babu sunan wanda za ka gani, to an ba ka amsa cikin kara. "Karatu ne a gabana" ma iri biyu ne. Wadda ta ce "saura min shekara ɗaya, in za ka iya jira ka zo ku gaisa da Baba" ta sa ka a cikin shirinta. Wadda ta ce "ni yanzu ba aure a gabana" ta tsaya nan, ta sallame ka ne. Haka "Allah Ya zaɓa mana mafi alheri" in ta zo ita kaɗai, ba a haɗa ta da wata hanya ba, addu'a ce ta rufe zance, sai ka ce amin ka kama girmanka.

In ta ce akwai maganar wani, ka tsaya cak. Hadisi ne a Bukhari da Muslim cewa kada mutum ya yi nema a kan neman ɗan'uwansa har sai ya bari ko ya yi masa izini. Kada ka shiga tambayar wane ne, ya kai ka ko bai kai ka ba. In kuma shiru ta yi gaba ɗaya, na san za a sami abokin da zai ce maka ai shirun budurwa yardarta ne. Wannan hadisin yana magana ne a kan waliyyi da ke neman izinin 'yarsa kafin ya aurar da ita, tana gabansa yana ganin fuskarta. Bai shafi saurayin da aka ƙi amsa wa saƙo ba. Shiru bayan tambaya bayyananniya da tunatarwa ɗaya, a'a ne.

Kunyatar da kake tsoro ba ta kai yadda kake zato ba. Namijin da ya nemi aure da ladabi aka ce masa a yi haƙuri bai zubar da komai ba, yarinyar ma za ta ci gaba da ganin girmansa. Abin da ke zubar da mutunci shi ne abin da ke biyo baya: naci, gori a kan data, nuna wa majalisa hirarku, ko ɗaure mata fuska a wajen aikinta. In amsar ba ta yi maka daɗi ba, ka tura ƙaninka sayen maganin na wata biyu ko uku har zuciyarka ta kwanta, ita ma ta sake.

In kuwa ta ba ka hanya, ka gaya wa Mama kafin ka taka ƙofar gidansu, kada ta ji a bakin wani. Ka je a ranar da ta sa maka da lokacin da gidansu suka yarda da shi, don wasu gidajen bayan la'asar suke barin zance, wasu bayan isha'i, wasu kuma sai ka fara gaisawa da mahaifi ko yaya kafin a bar ta ta fito. Ka tambaye ta tsarin gidansu tun kafin ranar. Ka yi shiga ta mutunci, ka tura yaro ya yi maka sallama, ka gaida duk babban da ka tarar a ƙofa, kuma zuwan farko kada ya wuce rabin awa. Ka riƙe a ranka cewa izinin zance aka ba ka, ba alkawarin aure ba. Ita ma yanzu ne za ta fara auna ka, gidansu su yi bincikensu a Bolari da kasuwa, kai ma naka magabatan su yi nasu kafin a kai ga gaisuwar iyaye.